Ba a Nan Gizo Ke Saƙar Ba: A Daina Ƙara Ja-da-Baya Ido Rufe

Yau mun zo da ƙorafi ne a kan wata shawara da ta zama ruwan dare a tsakanin masu aiki da firintar 3D, wato na'urar nan da ke narkar da igiyar roba tana jera ta layi bisa layi har siffa ta fito. Da zarar wani ya nuna aikinsa ya fito da siraran zaruruwa kamar saƙar gizo-gizo, amsar da zai ji ɗaya ce: "Ƙara ja-da-baya." Ya kai milimita 6, a ce ya kai 8. Ya kai 8, a ce ya gwada 10. Mu dai mun ce wannan shawara muguwa ce, kuma ta fi kashe aiki fiye da gyara shi. Garin gyaran gira ake rasa ido: zaren da za a iya sharewa da yatsa ya tafi, amma aikin awa goma ya mutu a tsakiyar dare saboda na'ura ta toshe.

Kafin mu yi nisa, bari mu ga daga ina zaren yake fitowa.

Igiyar robar, wadda ake kira filamen, kaurinta milimita 1.75 ne a yawancin na'urori. Wani ƙaramin inji mai haƙora yana tura ta zuwa cikin ɗakin zafi, ta narke a can, ta fito ta wani baki da ake kira nozul, wanda raminsa yawanci milimita 0.4 ne. Babu famfo a wannan baki, babu murfi. A buɗe yake tun daga farkon aiki har ƙarshe. To, idan na'ura ta gama wani sashe za ta tsallaka zuwa wani, sai ta bi ta sarari ba tare da ta zuba komai ba. A lokacin wannan tsallake ne narkakkiyar roba ke dalala daga bakin, ta yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, ta miƙe tsakanin sassan biyu, ta sandare a iska.

Me ke sa ta dalala alhali injin ya daina turawa? Babban dalili shi ne matsi. Tura roba mai kauri ta ƙaramin rami yana buƙatar ƙarfi, don haka filamen ɗin da ke tsakanin haƙora da nozul a matse yake kamar sifirin. Ko injin ya tsaya, sifirin ɗin bai gama miƙewa ba, yana ci gaba da tura narkakkiyar robar waje. Lissafin ma yana nuna yadda abu kaɗan ke zama da yawa. Faɗin fuskar filamen ya ninka na ramin nozul kusan sau 19, saboda haka milimita ɗaya tak na filamen yana iya fitar da kusan milimita 19 na roba mai kaurin ramin. Zaren da muke gani kuwa ya fi ramin siranta nesa ba kusa ba, ke nan ɗan ɗigo ya isa ya saƙe aiki gaba ɗaya.

Ja-da-baya shi ne maganin wannan matsi. Kafin tsallake, injin yana juyawa ya janye filamen ɗin kaɗan, idan an isa sai ya mayar da shi. A manhajar Cura, tsawon janyewar shi ne `Retraction Distance`, saurinta kuma `Retraction Speed`. Ga yadda umarnin yake a cikin fayil ɗin da ake aika wa na'ura:

```
M83
G1 E-5 F2700
G0 X120 Y80 F9000
G1 E5 F2700
```

Layi na biyu yana janye milimita 5. Lambar da ke bayan `F` milimita ce a minti ɗaya, don haka 2700 na nufin milimita 45 a sakan. Layi na uku shi ne tsallaken, a gudun milimita 150 a sakan, na huɗu kuma ya mayar da filamen ɗin inda yake.

A nan ne masu waccan shawara suka kauce hanya. Suna ɗaukar na'urar kamar sirinji, wai gwargwadon yadda ka ja, gwargwadon yadda za ta zuƙe narkakkiyar roba zuwa sama. Abin da haƙoran ke riƙe da shi shi ne sandararren filamen. Narkakken da ke cikin nozul ba ya biyo shi kamar jela, mafi yawansa yana nan zaune inda yake. Aikin ja-da-baya shi ne ya saki sifirin ɗin, kuma da zarar matsin ya sauka, aikinsa ya ƙare. Duk milimitar da aka ƙara bayan nan ba ta rage zare yadda ake zato, sai dai ta jawo wasu matsaloli uku.

Ta farko ita ce toshewa. A saman ɗakin zafi akwai wani siririn maƙogwaro da fanka ke sanyayawa, domin filamen ya zauna da taurinsa har sai ya isa inda zai narke. Idan aka ja da yawa, kan filamen ɗin da ya riga ya yi laushi yana hawowa cikin wannan wuri mai sanyi, ya kumbura, ya manne a bango. Robar PLA tana fara laushi tun wajen digiri 60, saboda haka ita ta fi faɗawa wannan tarko. A na'urorin da maƙogwaronsu ƙarfe ne zalla, babu bututun PTFE mai santsi a ciki, abin ya fi saurin faruwa. Za ka tashi da safe ka tarar na'ura tana ta yawo a iska, rabin aikin na ƙasa, babu abin da ke fitowa.

Ta biyu ita ce cinye filamen. A aiki mai ƙananan sassa da yawa, na'ura tana janyewa da mayarwa sau da dama alhali filamen ɗin bai matsa gaba sosai ba. Haƙoran suna ta bi ta kan wuri ɗaya, gaba da baya, har su kankare shi. Alamar ita ce garin roba a gindin haƙoran da ƙarar ƙas-ƙas daga injin.

Ta uku ita ce ramuka a farkon layi. Janyewa mai tsawo tana barin gurbi a cikin nozul, iska ta shiga. Idan an isa sabon sashe, na'ura ta fara tafiya amma robar ba ta iso ba tukuna, sai bango ya fito da ƙananan ramuka a daidai inda kowane layi ya fara, aikin kuma ya yi rauni a nan.

Ga kuma asarar lokaci. Janye milimita 10 a saurin 25 yana cin sakan 0.4, mayarwa ma haka. Aikin da ke da janyewa 5,000 zai ƙona sama da awa ɗaya a wannan kai-komo kaɗai, alhali da milimita 5 rabin haka zai ci. Ga wanda ke aiki da janareta ko yake tseren kada a ɗauke wuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai wata ɗabi'a da ke tafiya tare da waccan shawara, ita ce kwafar lambobin wani. Kayan aro ba ya rufe katara. Na'urori iri biyu ne a wannan fanni. A irin ta Bowden, kamar tsohuwar Ender 3, injin turawa yana zaune a jikin firam, filamen yana bi ta dogon bututu kafin ya isa ɗakin zafi. Ramin bututun da aka saba gani milimita 2 ne, filamen kuwa 1.75, don haka yana da sararin lanƙwashewa a ciki. Dole a fara kwashe wannan sakwarkwacewa kafin janyewar ta kai ga nozul, shi ya sa irin waɗannan ke buƙatar wajen milimita 4 zuwa 6 ko 7. A irin mai turawa kai tsaye kuwa, injin yana zaune a kan ɗakin zafi, tazarar gajera ce, milimita 0.5 zuwa 2 ya wadatar. Prusa MK3, alal misali, da 0.8 take zuwa. Wanda ya ɗauki 6 daga mai Bowden ya zuba wa mai turawa kai tsaye, toshewa ya saya wa kansa. Ko na'urori biyu masu suna ɗaya ba lallai lambarsu ta zo ɗaya ba, tunda tsawon bututu da lafiyar maƙallansa sun bambanta.

To, idan ba a fara da ja-da-baya ba, da me za a fara? Akwai abubuwa uku da ke haifar da zare waɗanda janyewa ba ta da iko a kansu, kuma su ya kamata a kawar tukuna.

Na farko danshi ne. Filamen yana shan laima daga iska, PETG ya fi PLA, TPU da nailan kuma sun fi su duka. Ruwan da ya shiga cikin roba yana zama tururi a zafin digiri 200, tururin kuma yana tura narkakkiyar roba waje ko da an janye filamen ɗin har ina. Shi ya sa naɗin filamen da ya yi aiki lafiya da hunturu kan fara saƙa a tsakiyar damina, ba tare da an taɓa lamba ko ɗaya ba. Gwajin mai sauƙi ne. A ɗaga nozul sama, a zafafa shi, a tura milimita 50 a iska, a kasa kunne. Idan ana jin ɗan fashe-fashe, ko robar ta fito da ƙananan kumfa da kaushi, danshi ne. A busar da PLA a digiri 45 zuwa 50 na awa huɗu zuwa shida, PETG kuma a wajen 65, sannan a adana a jaka mai rufewa tare da ƙwayoyin shan danshi. Kada a wuce wannan zafi ga PLA, domin zai yi laushi ya manne da juna a kan naɗin.

Na biyu zafi ne. Gwargwadon zafin roba, gwargwadon tsinkewarta, kuma tsinkakkiyar roba nauyinta ma kaɗai ya isa ya zubo da ita. Abin da ake rubutawa a jikin naɗin, kamar 190 zuwa 220 ga PLA, iyaka ce mai faɗi. Mutane da yawa suna zama a can sama, sannan su ɗora wa ja-da-baya laifi. Sauko da digiri 10 sau da yawa ya fi ƙara milimita 3 amfani.

Na uku kuma lafiyar ƙarafa ce. A na'urar Bowden, bututun yana riƙe ne da maƙalli a kowane ƙarshe. Idan maƙallin ya saki, bututun kansa yana zamewa gaba da baya a duk janyewa. A sa alamar biro a jikin bututun daf da maƙallin, a tsaya a kalla yayin aiki. Idan alamar tana motsa milimita 2, to milimita 2 daga cikin janyewar a banza suke tafiya. Wannan ma shi ne amsarmu ga wanda zai ce mana, "Ai ni na kai 8 kuma zaren ya tafi." Ba mu ƙaryata shi ba. Amma ya duba maƙallinsa, mai yiwuwa lalurar ƙarfe yake rufewa da lamba, kuma maƙallin da ya fara saki ƙara saki yake yi. Sannan ya tuna cewa gwajin minti ashirin ba ya nuna toshewar da ke zuwa a awa ta biyar.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce muna da na'urar Bowden, nozul 0.4, filamen PLA. Saitin da ke kai shi ne zafi 215, janyewa milimita 5 a saurin 45, tsallake kuma a saurin 80. Aikin gwajin shi ne ginshiƙai biyu sirara a kan faranti ɗaya, tazararsu milimita 60. Sun fito da zare a kowane layi, wasu sirara kamar gashi, wasu masu kauri da ƙulli a jiki. Dokar gwajin guda ce, abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya, a rubuta a takarda. Wanda ya canza uku a tare, ko aikin ya yi kyau bai san wanne ya gyara ba.

Mun tura roba a iska, babu fashe-fashe, don haka mun cire danshi daga lissafi. Mun sa alama a bututu, mun ga tana motsi, sai muka danna bututun ciki sosai, muka sa ɗan makullin roba a wuyan maƙallin. Idan haƙoran maƙallin sun riga sun ci bututun, sai a yanke wurin da ya lalace daidai wa daida, ko a sauya maƙallin. Da muka sake bugawa, masu kaurin nan sun ragu sosai. Dalili kuwa shi ne, zare mai kauri da ƙulli alamar ragowar matsi ce, yanzu kuma milimita 5 ɗin na isa inda aka aike su.

Saura masu kama da gashi. Sai mu buga hasumiyar zafi, wadda ke sauka da digiri 5 a kowane hawa: 215, 210, 205, 200, 195. A ce gashin ya ragu sosai a 200, a 195 kuma ya kusa ɓacewa, amma da muka lanƙwasa hasumiyar da hannu sai ta karye a hawan 195, saboda layukan ba su manne da juna da kyau ba. To 200 za mu ɗauka. Kyan gani ba zai sa mu sayar da ƙarfin aiki ba.

Daga nan sai gudun tsallake, wato `Travel Speed`. Tazarar milimita 60 a saurin 80 tana cin kashi uku cikin huɗu na sakan, a saurin 150 kuwa wajen sakan 0.4. Roba ba ta da lokacin dalala kamar da, kuma fizgar tana taimakawa wajen tsinke zaren tun daga tushe. Idan na'urar ta fara girgiza ko layuka suka goce, an wuce ƙarfinta, a sauko.

Sai yanzu ne muka iso ga tsawon janyewa, kuma daga ƙasa za mu faro. Mu buga ginshiƙan da 3, 4, 5, 6, ko dai ɗaya bayan ɗaya ko a hasumiya guda. A ce a 3 akwai zare, a 4 ya ragu, a 5 ya tafi, a 6 kuma babu bambanci da 5 sai ƙananan ramuka da suka fara bayyana a farkon layi. Sai mu gwada 4.5. Idan ya yi tsaf, shi ne namu. Abin da ake nema shi ne mafi ƙanƙantar lambar da ta yi aiki, domin duk abin da ke samanta haɗari ne babu riba. Ga mai turawa kai tsaye, hanyar ɗaya ce, sai dai a faro daga 0.4 a riƙa ƙara 0.2.

Na ƙarshe shi ne saurin janyewa. Idan ya yi ƙasa ainun, nozul yana tsaye a kan aikin yana jiran janyewar ta ƙare, sai ya bar ƙulli a wurin. Idan ya yi yawa, haƙora su kankare filamen ko injin ya tsallake taku. Tsakanin 25 da 45 ne yawancin PLA ke zama lafiya, a gwada 25, 35, 45. Amma akwai wani tarko a nan. Manhajar cikin na'ura tana da iyakar saurinta, kuma ba ta wuce ta ko me aka rubuta a Cura. A na'ura mai Marlin, a aika `M503` a nemi layin da ya fara da `M203`. Idan an ga irin wannan:

```
M203 X500 Y500 Z5 E25
```

to injin turawa ba zai wuce 25 a sakan ba. Wanda ya gwada 40, 60 da 80 a irin wannan na'ura, gwaji ɗaya ya maimaita sau uku, sannan ya zo yana rantsuwa cewa 60 ta fi.

A misalin namu, mun ƙare da janyewa ƙasa da wadda muka fara da ita, zaren kuma ya tafi. Da mun bi shawarar gama-gari, da muna 8 ko 9, da sakakken maƙalli da zafin da ya wuce kima, muna jiran ranar toshewa.

Kada a fahimce mu a karkace. Ja-da-baya abu ne da ake buƙata, wanda ya kashe shi zai ga saƙa ta gaske. Akwai ma lokacin da ƙara shi ne daidai, wato idan filamen a bushe yake, zafi ya daidaita, maƙalli lafiya, amma zare mai kauri bai tafi ba. Faɗanmu da masu mayar da shi matakin farko ne, da masu ba da lamba ba tare da sun tambayi irin na'ura ko irin roba ba. Kowace roba da halinta. TPU mai laushi ce, doguwar janyewa ko mai sauri tana sa ta miƙe ta naɗe a cikin haƙora, don haka kaɗan ake ja a hankali, a rage yawan tsallaken da `Combing Mode`, wanda ke sa nozul ya bi ta cikin aikin maimakon ya ratsa sarari. PETG kuwa mai yauƙi ce tun asali. Ko an yi komai daidai, takan bar ɗan gashi nan da can, wanda iska mai zafi ta sakan ɗaya ko biyu ke kawarwa. Wanda ya dage sai ya kashe wannan gashi da janyewa, zai biya da toshewa.

Saboda haka, idan wani ya kawo muku aikinsa da zare yana neman shawara, kada ku jefa masa lamba. Ku tambaye shi irin na'urarsa, irin robarsa, tun yaushe naɗin yake a buɗe, da zafin da yake bugawa. Ku ce ya kawo hoton zaren daga kusa, a ga siriri ne ko mai kauri, a ga ko akwai ramuka a farkon layi. Wanda ba zai iya yin waɗannan tambayoyi ba, shirunsa ya fi shawararsa amfani ga mai na'urar.

Wanda ke ganin ba haka ba ne, fili a buɗe yake. Sharaɗinmu ɗaya ne, ya zo da ginshiƙansa biyu da takardar da ya rubuta abin da ya canza ɗaya bayan ɗaya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.